'Yan Kasuwa Biyu, Haja Ɗaya: Dalilin da Farashi Ke Sauka Har Ya Tarar da Uwar Kuɗi

Sanannen abu ne cewa in mutum ɗaya ne ke da wata haja a gari, shi ke yanka mata kuɗi yadda ya ga dama, in kuwa masu ita sun yi yawa, gasa ta kan danne farashi. Saboda haka hankali ya kan ɗauka cewa masu haja biyu za su tsaya a tsakani, watau farashinsu ba zai kai na mai cin kasuwa shi kaɗai ba, ba zai kuma faɗi kamar na taron 'yan kasuwa ba. Akwai wata mas'ala a ilmin tattalin arziki wadda ta rushe wannan zato. Ta nuna cewa in sharuɗɗa kaɗan suka cika, mutum biyu sun isa su kai farashi ƙasa har riba ta ƙare ƙaf, kamar dai su dubu ne. A na jingina mas'alar ga Joseph Bertrand, wani masanin lissafi Bafaranshe, wanda ya ta da ita a 1883 cikin sharhin da ya yi wa littafin Augustin Cournot na 1838.

Kafin a shiga lissafi sai a daidaita kalma ɗaya, gama a kanta maganar duka ta rataya. Ɗan kasuwa Bahaushe ya na raba abin da ya shigo hannunsa gida biyu, uwa da riba, har in ciniki ya ɓaci sarai a ce ba uwa ba riba. Amma “uwar kuɗi” a bakin 'yan kasuwa ta na da faɗi. Wani lokaci a na nufin jari duka, wani lokaci kuɗin sari kaɗai. A wannan takarda an ƙuntata ma'anarta. Uwar kuɗi a nan ita ce abin da mai haja zai ƙara kashewa domin ya sayar da guda ɗaya bisa ga waɗanda ya riga ya sayar, watau kuɗin sarin wannan guda, da dakonsa, da ledar da za a sa shi. Hayar kanti ba ta ciki, haka kuɗin mai gadi, domin waɗannan sai an biya su ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Malamin da zai koyar da wannan mas'ala ya kamata ya tsaya a nan har ɗalibai su rarrabe tsakanin kuɗin da ke bin kowane guda da kuɗin da ke zaune, don galibin ruɗanin da a kan samu daga baya a nan ya ke farawa.

Misalin kantuna biyu

A ƙaddara kantuna biyu a bakin kasuwar Mandawari, cikin birnin Kano, ƙofa da ƙofa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Dukansu su na sayar da sukarin kwali na kamfani ɗaya, wanda su ke sarowa a kasuwar Singa. Kwalin wannan da na wancan ba su da bambanci ko kaɗan. Kowannensu ya na saro kwali a kan naira 950, dako da leda su ci naira 50, uwar kuɗi ta zama naira 1,000 ke nan. A ƙaddara kuma kowa ya rubuta farashinsa a allo ya kafa a ƙofa, mai saye ya na ganin allunan biyu kafin ya ɗaga ƙafa, ba ruwansa da sabo ko zumunci, inda ya fi araha nan zai shiga. In farashin ya zo ɗaya, masu saye su rabu biyu daidai. Sharaɗi na ƙarshe, wanda a kan manta da shi alhali kuwa ya fi sauran nauyi, shi ne kowane kanti ya na da sukarin da zai ishi unguwar duka in ta taso masa.

Alƙaluman nan da masu zuwa na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi. A ce in kwali ya na naira 1,000 mutanen unguwa su kan sayi kwali 200 a yini, kuma duk naira 100 da aka ƙara sai cinikin kwali 20 ya ragu. A naira 1,500 za a sayi 100 ke nan, a naira 2,000 kuwa ba mai saye.

Da kanti ɗaya ne a wurin, mai shi zai tsaya a naira 1,500. Ribar kwali 500 ce, sau 100, ya tashi da naira 50,000 a yini, kuma ba wani farashi da zai ba shi fiye da haka. To, ga su su biyu. In duka suka rubuta 1,500, kowa ya sayar da kwali 50, ya sami naira 25,000. Wannan rabo ba laifi, amma ba zai zauna ba. Na dama zai duba ya ga in ya goge allonsa ya rubuta 1,450, ba wanda zai sake shiga kantin hagu. A wannan farashi unguwa za ta sayi kwali 110, duka a wurinsa, ribar kowane 450, jimla naira 49,500. Ya bar naira 50 a kan kowane kwali, ya kusa ninka abin da ya ke samu.

Nan ne zuciyar mas'alar. Ragi kaɗan ne, amma abin da ya jawo ba kaɗan ba ne, domin hajar iri ɗaya ce. Da akwai wani bambanci tsakanin sukarin biyu, ragin naira 50 zai jawo mutum biyar ko goma ne kurum. Da ya ke babu, sai kasuwar ta juya gaba ɗaya.

Na hagu ya wayi gari ba ciniki. In ya daidaita da 1,450 zai sami rabin kasuwa, in kuwa ya sauka zuwa 1,400 ya kwashe duka, kwali 120, riba naira 48,000. Lalle zai sauka. Haka za a yi ta yi. Ko da an iso 1,100, inda kowa ke sayar da kwali 90 ya sami naira 9,000, wanda ya rage zuwa 1,050 zai sayar da 190 ya sami 9,500, har yanzu ragi ya fi. In a na iya rage naira goma goma, a 1,050 ma ba za a tsaya ba, gama rabin kasuwa a nan naira 4,750 ya ke bayarwa, kasuwa duka a 1,040 kuwa naira 7,680. Muddin akwai sauran riba a kan kwali, cin kasuwa duka da ragi ƙanƙane ya fi cin rabinta ba ragi.

Sai a naira 1,000 abin ya ke tsayawa. Wanda ya sauka zuwa 950 zai sami masu saye 210, kowannensu ya tafi da naira 50 daga aljihunsa, faɗuwar naira 10,500 a yini. Wanda ya hau zuwa 1,050 ba zai ga kowa ba. Zama a 1,000 ba riba, hawa ba riba, sauka hasara. Ba wanda ke da dalilin taɓa allonsa.

Akwai wata 'yar togaciya da ta shafi canji. In mafi ƙanƙantar ragin da a ke iya yi naira 50 ne, saboda ƙananan kuɗi sun ɓace daga hannun mutane, to, farashi ya na iya maƙalewa a 1,050, domin taki na gaba shi ne 1,000 inda ba riba. Wannan bai rushe hukuncin ba. Ya nuna dai farashi ya kan sauka iyakar inda kuɗin da ke yawo suka ba shi hanya.

Hujjar ba ta dogara ga jerin kwanaki ba

An ba da labarin kamar yau wannan ya rage, gobe wancan ya rama, don ya fi shiga kai. Amma ainihin hujjar ba ta bukatar kwanaki. Tambayar ita ce: waɗanne farashi biyu ne in aka kafa su, kowane mai kanti ya dubi na ɗan'uwansa, ba zai yi da-na-sani ba? Irin wannan matsayi shi a ke kira daidaiton Nash, da sunan John Nash wanda ya tsara shi a 1950. Sai a bi yiwuwar ɗaya ɗaya. In wani ya na ƙasa da uwar kuɗi, mai araha ya na faɗuwa, zai so ya hau. In duka su na sama da ita a farashi ɗaya, kowa zai so ya ɗan rage. In duka su na sama amma sun bambanta, mai tsada ba ya sayar da kome, zai so ya shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa. Saura guda, wadda ɗalibai su kan tsallake: ɗaya a 1,000, ɗaya a 1,200. A nan mai arahar ne zai yi da-na-sani, gama da ya rubuta 1,190 da har yanzu kasuwa tasa ce, ga riba kuma. Ba abin da ya rage sai duka biyu a 1,000.

Ya kamata a lura da abin da wannan ke nufi ga hayar kanti. A ce kowa ya na biyan naira 3,000 a yini ta haya da gadi. Wannan kuɗi bai shiga lissafin ragi ko sau ɗaya ba, domin ragi ba ya ƙara shi, ba ya rage shi. Saboda haka a farashin 1,000 kowannensu ya na cin jarinsa da naira 3,000 kullum. Ƙarshenta ɗaya ya rufe, wanda ya saura ya koma 1,500. Mai hankali kuma da ya hango haka tun farko ba zai buɗe kanti na biyu ba. Watau gasa mai tsanani irin wannan ta na iya hana gasar kanta haihuwa, abin da masu murna da faɗuwar farashi ba su cika dubawa ba.

Sharaɗin daidaiton uwar kuɗi shi ma ya na da aikinsa. In na dama ya sami dako mai sauƙi, tasa ta tsaya a 1,000, ta na hagu ta zama 1,050, farashi ba zai sauka zuwa 1,000 ba. Na dama zai tsaya a ƙasa kaɗan da 1,050, inda ɗan'uwansa ba zai iya binsa ba, ya ci kasuwa duka da 'yar ribarsa. Riba ba ta ƙarewa sarai sai in su biyun ƙafarsu ɗaya.

Inda Bertrand ya saɓa da Cournot

Cournot ya yi misali da mutum biyu masu maɓuɓɓugar ruwa iri ɗaya. A wurinsa abin da kowa ke zaɓa shi ne yawan abin da zai kawo kasuwa, sa'an nan farashi ya fito daga jimlar abin da aka kawo. In aka bi hanyarsa da alƙaluman Mandawari, kowane kanti zai kawo wajen kwali 67, farashi ya tsaya kusa da naira 1,333, kowa ya sami riba wajen naira 22,000. Wannan shi ne tsakanin da hankali ya zata tun farko. Abin da Bertrand ya ce shi ne, 'yan kasuwa farashi su ke yankawa, kuma da zarar an bar su su yanka farashi, wanda ya rage zai kwashe kasuwa. Kanti biyu ne, sukari ɗaya, masu saye ɗaya, amma amsa ta tashi daga 1,333 zuwa 1,000 don kawai an sāke abin da a ke zaɓa. Ba a iya cewa ɗayansu ya yi kuskuren lissafi. Abin tambaya shi ne wace hanya ta fi kama da kasuwar da a ke dubawa, amsar kuwa ta na ga sharaɗin nan na ƙarshe, na yawan haja.

In haja ba ta isa ba

Francis Edgeworth ne ya nuna wannan a 1897. A koma Mandawari, a ce kowane kanti kwali 60 kaɗai ya ke iya kawowa a yini. Jimla 120, unguwa kuwa ta na shanye 120 a naira 1,400. A wannan farashi kowa ya sayar da nasa duka, ya sami naira 24,000. Me ragi zai ƙara wa na dama? Ba kome, gama ba shi da kwali na 61 da zai ba wanda ragin ya jawo. In kuma ya hau zuwa 1,450, unguwa za ta nemi 110, na hagu ya ba da 60 ya ƙare, a bar masa 50, riba 22,500, ƙasa da ta dā. Farashi ya zauna a 1,400 ke nan, nesa da uwar kuɗi, ba tare da wani haɗin baki ba.

In kuwa kowa na da kwali 100, sai abin ya ƙi zama ko'ina. A 1,000 duka za su sayar ba riba, amma ɗaya zai ga in ya hau zuwa 1,250, unguwa za ta nemi 150, maƙwabcinsa ya ba da 100 ya ƙare, saura 50 su zo masa dole, ya sami naira 12,500. Da ya hau, maƙwabcin ya biyo shi ya tsaya ƙasa da shi kaɗan, rage-rage ya sake farawa, har a kai inda hawa ya fi. Farashi ya yi ta hawa da sauka.

Kasuwar siminti ta Nijeriya ta ba da misali na zahiri. Siminti haja ce da ta kusa cika sharaɗin zama iri ɗaya, buhu mai kilo 50, kuma masu yinsa ƙalilan ne. Manya biyu daga cikinsu na Kanawa ne: kamfanin Aliko Ɗangote, mai masana'antu a Obajana da Ibese da Gboko, da kamfanin BUA na Abdussamad Rabi'u, mai masana'antu a Kalambaina ta Sakkwato da Okpella ta jihar Edo. Akwai na uku, Lafarge, wanda ya haɗa da masana'antar Ashaka ta jihar Gombe, don haka ba biyu ne cif ba, amma kusa ne. A farkon Oktoba 1 ga wata, 2023, BUA ya ba da sanarwar mai da buhu naira 3,500 a bakin masana'anta. Bisa ga lissafin Bertrand, abin da zai biyo baya a fili ya ke: masu saye su juya wurin BUA, sauran su rage ko su rasa kasuwa. Ba haka aka yi ba. Sauran ba su bi ba, farashin da mai gini ke biya bai sauka zuwa wurin ba, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ma ya haura ninkin wannan adadi. Daga baya shugaban BUA ya bayyana cewa dillalai sun yi ta ɗauka a farashin ragi su na sayarwa da tsada, har kamfanin ya janye tsarin.

A kan ɗora laifin a kan haɗamar dillalai, amma lissafin kwali 60 ya riga ya faɗi abin da zai faru. Kamfanin Ɗangote shi ke da fiye da rabin ƙarfin yin siminti a ƙasar, BUA kuwa ba shi da abin da zai ƙosar da kasuwa duka. Tun da buhunan araha ba su isa kowa ba, mai saye na ƙarshe dole ya je wurin mai tsada, farashin kasuwa kuwa a wurin wannan mai saye na ƙarshe a ke yanka shi. Dillalin da ya sami buhu a 3,500 ya na ganin a na sayensa da ninkin haka a kan titi, ba abin da zai sa ya sayar ƙasa. Ragin bai ɓace ba, ya sauka ne a aljihun wanda ya fara riƙe buhun. Ga kuma dako, wanda ke sa uwar kuɗin buhun Sakkwato da na Obajana su bambanta a Kano, ga faɗuwar darajar naira a watannin nan, wadda ta ɗaga uwar kuɗin kowa. Sharuɗɗa biyu sun karye ke nan a lokaci guda, isar haja da daidaiton uwar kuɗi.

Abin da kalmomin kasuwa ke nunawa

Sauran sharuɗɗan ma ba su cika tsayuwa a kasuwar Hausa ba, harshen kasuwar kansa shaida ne. Inda a ke tayi, mai haja ya ce albarka, a ƙara, ya sallama, ba allo a ƙofa. Kowane ciniki da farashinsa, mai saye bai san abin da aka sallama wa na gabansa ba, saboda haka ragi ba ya juya unguwa gaba ɗaya. Gyara kuma ragi ce a ɓoye. Mai awo da ya ƙara ɗan tashi a kan mudu ya rage farashi ke nan, amma ta hanyar da maƙwabcinsa ba zai gani ya rama ba. Bashi ya fi su duka ƙarfi. Magidancin da ke karɓar sukari a kantin dama ya biya ƙarshen wata ba zai ƙaura don naira 50 ba, gama abin da ya ke saye sukari ne haɗe da jinkiri, wannan kuwa ba irin hajar kantin hagu ba ce ko da kwalin ɗaya ne. Harold Hotelling ya nuna a 1929 cewa ko nisan tafiya kaɗai ya isa ya raba haja biyu haka, ya bar wa kowane mai kanti riba.

Sa'an nan maƙwabtan nan gobe ma su na nan. Na dama ya san naira 49,500 ɗin nan ta yini ɗaya ce, in na hagu ya rama daga nan sai ƙasa. Yini guda na ƙarin naira 24,500 bai kai asarar naira 25,000 ta kowace rana har illa ma sha Allahu ba. Don haka su na iya zama a 1,500 ba wanda ya ce wa wani uffan, kowa na tsoron ramuwa. Abin da 'yan kasuwa ke kira karya kasuwa, su na ƙyamarsa, har ƙungiyoyinsu su kan tsawata wa mai yinsa, shi ne daidai takin farko na lissafin Bertrand. Irin wannan zaman ya fi sauƙin riƙewa tsakanin mutum biyu masu ganin allon juna. Ya kan warware in baƙo ya shigo wanda ba shi da rabo a cikinsa, ko in ɗayansu bashi ya taso shi ya na neman kuɗi a yau, ko in ya yi niyyar tashi daga kasuwar, gama wanda ba zai kwana ba ba ya tsoron ramuwar gobe.